Labari Daban, Ra'ayi Daban

Ya kai Editan jaridar makaranta, tun da 'yan'uwanka ɗalibai suka ɗora maka wannan kaya, rubutu iri biyu ne za su riƙa zuwa hannunka. Ɗaya labari, watau abin da ya auku. Ɗaya kuwa ra'ayi, watau abin da wani ya ke gani game da abin da ya auku. A ganina babban aikinka shi ne ka hana su cakuɗuwa, gama in ruwa da kananzir suka haɗu a tulu ɗaya, ba a sha, ba a kuma kunna fitila.

Ga ma'aunin da na ke amfani da shi. Ɗauki jimla guda, ka tambayi kanka: in wani wanda ba ya ƙaunata ya tashi ya je ya bincika, zai iske abin haka ya ke? In zai iske, wannan labari ne. In kuwa mutum biyu masu hankali, waɗanda suka ga abin da idonsu, za su iya saɓawa a kanta ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba, wannan ra'ayi ne.

Bari mu buga misali. Mu ce a makarantarku ta kwana, mai ɗalibai 420, an saba raba tuwon dare da ƙarfe 6, amma ran Talata bai fito ba sai ƙarfe 9. Wakilinka ya kawo maka takarda ya rubuta: "Sabo da sakacin masu dafa abinci, ɗalibai sun sha baƙar wuya ran Talata. Wai injin niƙa ne ya lalace. Shugaban makaranta ya ƙi cewa kome."

Auna ta da ma'aunin nan. Ranar Talata gaskiya ce, kowa ya shaida. Amma "sakaci" hukunci ne, an kuwa yanke shi tun ba a ji ta bakin waɗanda a ke tuhuma ba. "Baƙar wuya" ba ta da awo, domin abin da ya ke wuya ga wani, wasa ne ga wani. Awa 3 ita ce abin da ya ke aunuwa. "Wai" kuwa, ko da ya ke 'yar ƙaramar kalma ce, a nan ta ƙaryata mai maganar injin, ba ta ma faɗi ko wane ne shi ba. Sa'an nan "ya ƙi cewa kome": an je an tambaye shi ya ƙi, ko dai an je ofis ba a same shi ba? Tsakanin biyun nan akwai nisa ƙwarai.

Kada ka yaga takardar, kada kuma ka gyara ta da ka. Mai da wakilin ya koma da tambayoyi shida: me ya faru, ga wa, a ina, yaushe, ta yaya, don me? Biyar na farko ido da kunne su kan ba da amsarsu. Ta shidan, watau "don me", nan ne ra'ayi ya kan sulale ya shigo, sabo da haka ba a rubuta dalili sai an jingina shi ga wanda ya faɗa. Ya je ga babban kuku, ya je ga mai riƙon sito, ya je ga Shugaba, ya rubuta abin da kowa ya ce da lokacin da ya faɗa. In ya dawo, labarin zai zama kamar haka:

"Tuwon dare ya makara awa 3 ran Talata, ɗalibai 420 ba su ci ba sai ƙarfe 9. Babban kuku ya ce injin niƙa ya tsaya da ƙarfe 2 na rana, sai aka kai buhu 3 na masara gari, garin bai dawo ba sai bayan magariba. Mai riƙon sito ya ce ya rubuta wa ofis takarda a kan injin mako 2 da suka wuce. An nemi Shugaba ran Laraba da safe, aka ce ya yi tafiya."

Duba, ba a zagi kowa ba, amma mai karatu ya san abin da bai sani ba ɗazu. Ka lura kuma da "ya ce". Ita ce kalmar da ba ta ɗaukar gefe. In ka sa "ya amsa cewa", ka mai da mutum mai laifi. In ka sa "ya yi da'awar", ka mai da shi maƙaryaci. Haka nan ka yi hattara da su "ashe", da "har", da "kawai", da "ko kunya babu". Kullum ni kan bi labari da jan fensir ina farautarsu, don su ne ƙofofin da zuciyar marubuci ta ke leƙowa.

To, wakilin nan da ya fusata, sai a toshe masa baki? A'a. Ba shi fili a shafin ra'ayi, a sa sunansa a sama, don kowa ya san mai magana. Can yana da iko ya ce, a ganinsa, takardar da ta yi mako 2 ba amsa ita ce tushen abin, ya kuma ba da shawara a riƙa ajiye garin kwana 2 a sito. Amma ka neme shi da abu uku. Ya gina maganarsa a kan abin da labarin ya tabbatar. Ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi ta wancan gefe, misali cewa gari ya kan yi tsutsa in ya daɗe, ya amsa ta. Ya kuma ƙare da abin da ya ke so a yi, don ra'ayin da ba shawara a ciki guna-guni ne.

Akwai wani rami a nan da editoci da yawa su kan faɗa. Suna zaton kalmar "a ganina" tana wanke kome. Ba ta wankewa. In wani ya rubuta, "A ganina mai riƙon sito yana sayar da masararmu," wannan zargi ne na sata, abin da ko ya faru ko bai faru ba, ko da an sa masa rigar ra'ayi. In ba shaida, ɓata suna ne, kai da ka buga kana cikin alhaki tare da marubucin. Mutumin nan yana da iyali, aikinsa kuma ya dogara ga amincinsa. Magana zarar bunu ce.

Ba na ce labari ya kan tsarkaka sarai daga hannun marubucinsa ba. Zaɓen abin da za a sa a farko, da abin da za a bari, shi ma hukunci ne. Da ka fara da maganar mai sito, ido ya koma kan ofis. Da ka fara da ta kuku, ya koma kan inji. Maganin da na sani shi ne ka fara da abin da ba wanda ya ke musunsa, ka ba kowane gefe bakinsa, kanun labarin kuma kada ya faɗi abin da cikinsa bai tabbatar ba. "Tuwo Ya Makara Awa 3" kanun labari ne. "Har Yaushe Za Mu Jure?" na shafin ra'ayi ne. Naka ra'ayin ma, kai Edita, can ne mazauninsa, ƙarƙashin kan da ya nuna naka ne.

Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Taku mai yiwuwa ko kwabon ba a biya, a allo a ke liƙa ta. Duk da haka ran da ɗalibi da kuku da Shugaba suka tsaya gaban allon nan, kowa ya karanta labarin ya ce haka aka yi, sa'an nan suka juya shafin ra'ayi suka shiga gardama, ran nan ka yi aikinka. Allah ya yi maka jagora.