Katin da Gwaggo ba ta taɓa ba

A gidanmu na Birnin Kudu, kowace kyauta tana da sunanta. Abin da matafiyi ya riƙo wa mutanen gida tsaraba ne, abin da ake ba yara ranar idi goron sallah ne, abin da ake kai wa mai hidimar biki gudummawa ne, ladan da ake ba ɗan aike kuma tukuici ne. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo da wata kyauta wadda har yau ba a raɗa mata suna ba, wato katin waya da data. Ni kuwa a zamaninta na tashi, na karɓe ta, na kuma bayar da ita. Sau ɗaya ta fitar da mu daga ƙunci, sau ɗaya kuma ta kusa shiga tsakanina da matar da ta goya ni.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tana aure a Gwaram. A hannunta na yi shekarun firamare, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini, domin sunan mahaifinta aka sa mini. Wayarta ƙarama ce, mai tocila. Karatun boko bai same ta ba, saboda haka lambobinmu duk jikokinta ne suka adana mata, ita dai ta san inda za ta danna ta amsa.

A daminar 2023 mijinta, wanda muke kira Baba Malam, ya kwanta rashin lafiya, aka kawo shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. 'Yarsu ta fari, wadda nake ce wa Yaya, ita ce mai jinya. Ina Jami'ar Tarayya ta Dutse a lokacin, ina fama da kundin kammala digiri. Wani dare bayan sallar isha'i sai na ga kiranta ya shigo ya katse har sau uku. Kowa ya san ma'anar irin wannan kira. Na bi ta, ta ce ana neman wanda zai ba da jini kafin safe, ga lambobin 'yan uwa a wayarta, amma ba ta da ko sisin kira, kuma ba za ta iya barin gadon mara lafiya ta fita neman mai kati ba.

Nan take na tura mata katin naira 1,000 daga asusuna na banki. Na ce ta danna *310# ta gaya mini abin da ta gani, ta ce naira 500. Ashe da rana ta ci bashin kati na naira 500, kuma ƙa'idar bashin ita ce duk kuɗin da ya fara shiga layin, daga cikinsa ake cirewa. Ba a tambayar wanda ya turo, ba a kuma tambayar dalilin turowar. Na ƙara mata wata 1,000. Kafin sha biyun dare ta samu ƙannenta biyu a waya, da asuba suka iso a kan babur, aka ɗebi jinin ɗaya daga cikinsu.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa kyautar wannan dare ta yi daidai. Da kuɗi na tura mata, da ba su yi mata amfani ba a wannan sa'a, don ba ta da asusun banki a wayarta, masu cirar kuɗi kuma sun tashi. Da abinci na aika, da bai iso ba sai gobe. Magana take bukata, shi kuma kati ba shi da wani aiki sai magana. Na kuma koyi cewa kafin a tura kati akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi: wane layi ne a wayar yanzu, ana bin sa bashi, kuma wayar tana hawa intanet? Lamba ɗaya aka kuskure, katin ya tafi wurin baƙo, kuma da wuya ya dawo. Data kuwa tana da wa'adi, ta wata guda kwana 30 ce, in ba a sabunta ba sai ta ƙone da sauranta a ciki. Wanda ya tura data ga waya mai tocila ya zuba ruwa ne a kwando.

Baba Malam ya samu sauƙi, ya koma gida. A 2024 aka tura ni hidimar ƙasa Jihar Oyo. Bayan mun fito daga sansanin Iseyin aka ba ni koyarwa a wata makarantar sakandare, ina karɓar alawus na naira 33,000 a wata. Ina can Allah ya yi masa rasuwa. Na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, na ga ya haura alawus ɗina gaba ɗaya, ga tafiyar wuni da kwana. Na kira Gwaggo a ranar, amma gidan cike yake da mutane, muryarta ba ta fita sosai, muka yi gaisuwar da ba ta wuce minti ɗaya ba. Da na ajiye wayar sai na ji ban yi komai ba. Na tuna daren asibiti, na tura wa layinta katin naira 2,000, na bi shi da rubutaccen saƙon ta'aziyya, ni da na san ba za ta iya karantawa ba.

Daga nan kunya ta kama ni. Kullum sai na ce gobe zan kira, gobe ta yi na ce ai ta san na yi abin da zan iya. A can cikin raina kuma ina jiran ta kira ni, tunda na sa mata kati. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ban ji muryarta ba, ita ma ba ta ji tawa ba.

Sai da aka yi hutun makaranta na zo gida. Washegari na hau mota zuwa Gwaram, tafiyar da ba ta da wani nisa daga Birnin Kudu. Na same ta a ɗaki tana takaba, carbi a hannunta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Da mutane suka ragu sai ta miƙo mini wayarta.

“Babana, an ce ka aiko mini da wani abu cikin wannan. Duba mini, ni ban gan shi ba.”

Na danna *310#. Naira 2,000 na nan cif, har da 'yan canjin da suka riga su zama.

“Gwaggo, kati ne na sa miki, don ki riƙa kiran mutane.”

“Wa zan kira? Mai takaba ita ake kira. Kowa ya kira ni, har waɗanda ban san suna da lambata ba. Ni dai kullum wayar ta yi ƙara sai na ce Babana ne.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ƙara komai a kai ba. Ni ne na kasa haɗa ido da ita.

A hanyar komawa na fahimci kuskurena. Kati yana ɗauke da saƙo ko da mai turawa bai yi niyya ba, saƙon kuwa shi ne: ki kira ni. Tsakanin abokai babu laifi a wannan. Amma a tarbiyyarmu yaro ne ke zuwa gaida babba, ba a aika wa babba kuɗin mota a ce ya zo a gaishe shi. Da katin nan na juya al'ada, na ɗora wa tsohuwa mai makoki nauyin nemana. Naira 2,000 ɗin da na tura, da a wayata na sa su, da sun ishe ni kiranta na 'yan mintuna kullum har a yi arba'in.

Akwai kuma abin da kati ya rasa wanda sauran kyaututtukanmu suke da shi. A kusurwar ɗakin Gwaggo na ga abin da masu gaisuwa suka kawo: kwanon gero, ƙullin goro, sabulu, sukari. Tana iya nuna kowanne ta faɗi wanda ya kawo shi. Ta ɗibi goron ta ba maƙwabta, ta ba yaran da aka aiko tukuici, kyauta ɗaya ta ratsa gida uku ko huɗu. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, to wa za a ba tukuicin kati, alhali ba ɗan aike, ba sallama a ƙofar gida? Ba ta iya ganinsa, ba ta iya nuna shi, ba ta iya gutsura wa kowa. Sannan farashinsa a goshinsa yake. Wanda ya kawo sabulu ba ya faɗin nawa ya saya, amma kati da kuɗinsa yake shigowa, a rubuce.

Takardar sayayya, irin wadda manyan kantuna ke bayarwa, ta fi kati wannan matsala. An taɓa ba ni ta naira 5,000 a wata gasar makaranta, ta wani kanti a Kano. Kuɗin motar zuwa da dawowa sun kusa cinye darajarta, a kasuwar Sara kuwa ko barkono ba za ta saya ba. Wa'adinta ya cika tana cikin littafina. Wanda ya ba ni ita bai yi rowa ba, bai dai tambayi inda nake zaune ba.

Ban daina kyautar kati ba. Ƙanwata da ke shirin jarrabawar shiga jami'a data nake tura mata duk wata, don ita ce littafinta, kuma nakan tambaye ta ranar da tsohuwar za ta ƙare kafin na sa sabuwa. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, irin wannan taimako ya ƙara nauyi a wurin ɗalibi da mai jinya da mai neman aiki. Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu guda ɗaya ne. In mutum yana da waɗanda yake bukatar ya kira, kati kyauta ce mai kyau, musamman in an bi shi da kira a ji ko ya shiga. In kuwa ni yake jira, babu adadin katin da zai tsaya a madadina. Ta'aziyya da dubiya da barkar haihuwa da gaida iyaye ranar sallah duk suna cikin kashi na biyu, domin zumunta a ƙafa take, in ƙafa ta gaza kuma sai murya.

Naira 2,000 ɗin Gwaggo jikokinta ne suka ƙarar da su daga baya, wajen kiran abokansu. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kira ta. Ba ma daɗewa. Takan tambaye ni ko na ci abinci, ko an samu aikin, na ce ana dai nema, ta ce Allah ya kawo mai albarka. In wata ya yi na je Gwaram, nakan tsaya a tasha na sayi goro da sabulu, na shiga da sallama, ta ba yaron da ya karɓi ledar daga hannuna tukuicinsa.