Miliyan Ashirin na Wane Kuɗi?

A kasuwar Aboabo ta Tamale, inda nake sayar da hatsi, har gobe tsofaffin abokan ciniki da tsohon sidi suke lissafi. Tun watan Yuli na 2007 Ghana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, amma baki bai bi takarda ba. Wanda ya ce maka miliyan ɗaya, sau da yawa sidi 100 yake nufi. Shi ya sa ba na ɗinke buhu a kan saƙon waya sai na yi tambaya.

Wata Hajiya mai sayar da shinkafa da wake a Kumasi ta turo mini: "Alhaji, wake na miliyan ashirin, irin na da, a sa a mota." Na kira ta.

"Hajiya, barka da aiki. Miliyan ashirin ɗin nan, na tsohon lissafi ne?"

"To da fa, Alhaji? Ina na ga na sabo?"

"Sidi 2,000 ke nan. Yau kwano sidi 50 ne, ya kama kwano 40, buhu guda cif. Irin na da kuma wanne? Kafin azumi fari kika ɗauka, bayan salla ja."

"Farin nan mai baƙin ido. Jan bai karɓi masu cin abincina ba."

"Kuɗin mota da na dako fa, suna cikin dubu biyun, ko daban za ki biya?"

Ta yi jim. "Abin da ke hannuna ke nan duka."

"To direba da ɗan dako za su ci sidi 100. Saura 1,900, kwano 38. In ɗinke a haka?"

"Ɗinke. Yarona zai tarbi motar a Aboabo."

"Aboabo taku ta Kumasi dai ko?"

Ta yi dariya. "Da taku zan aiko shi?"

Tambayar kuɗin mota ita ce mai raba zumunci in an tsallake ta. Da na aika cikakken buhu, direba zai riƙe kaya a tasha har sai an biya shi, alhali ita ta ɗauka ta gama biya. Da na rage kwano biyu ban faɗa ba, za ta auna a gida ta ce na tauye mata mudu. Jan wake kuwa in ya sauka Kumasi bisa kuskure, kuɗin dawo da shi ya cinye ribar buhun.

Bayan mun ajiye waya na rubuta mata komai da lamba: farin wake, kwano 38, sidi 1,900, mota da dako 100, sai lambar direba. Ban ɗauko allura ba sai da ta amsa da "To". Duk maganar da aka yi da "miliyan" a baki, da sabon sidi take shiga littafina.