Kaɗaicin Tsufa

Kaɗaicin tsoho a ƙasar Hausa ba kasafai yake nufin gida babu kowa ba. Ana kawo masa abinci, jikoki suna gaishe shi, 'ya'yan da aiki ya kai Legas ko Abuja suna aiko kuɗi. Abin da ya rasa shi ne sa'a, wanda zai kira shi da sunan yarinta, ya yi masa musu ba kunya. Kowa yanzu "Baba" yake cewa, ya durƙusa, ya wuce. Alamar takan fara daga ƙofar gida: ya daina shimfiɗa tabarma bayan la'asar, domin abokan majalisa sun ƙare. Sai cin abinci ya ragu, barcin rana ya yawaita. Iyali sukan ɗauka tsufa ne kawai, alhali sau da yawa raunin ji ne ya fitar da shi daga hira.