Shirun mai aiki: ka yanke ma'anarsa tun kafin ya zo

Yawancinmu malaman lakwal muna da ɗan aikin gefe da muke yi a lokacin hutu. Wani yana rubuta wa mutane wasiƙun neman aiki, wani yana tsara katin gayyatar biki, wani yana fassara takardu daga Faransanci zuwa Hausa. Ni nawa shi ne rubuta takardun sanarwa ga makarantun kuɗi da ƙungiyoyin iyaye a nan Maradi. A wannan sana'a rubutun ba shi ne wahala ba. Wahalar tana farawa ranar da ka tura wa mai aiki daftari ka ce ya duba, shi kuma ya yi shiru, alhali mai ɗab'i yana jiranka kuma ranar taro tana matsowa.

Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Gaskiya ne, sai dai ba a faɗi wace magana ba ce. Mutum yana iya yin shiru don ya yarda, ko don bai karanta ba, ko don abin bai yi masa ba amma yana jin nauyin faɗa. Shi ya sa malaman fikihu suke da ƙa'idar da ake dangana wa Imam Shafi'i, cewa ba a jingina magana ga wanda bai ce komai ba. Dokar cinikayya ta ƙasashen Afirka masu bin tsari ɗaya, wadda Nijar ke ciki, ita ma ta ce shiru shi kaɗai ba amincewa ba ne. Saboda haka jimlar nan da muke son rubutawa, "in ban ji daga gare ka ba na ɗauka ka yarda", ba ta da ƙarfi in a ranar tura daftari ka fara furta ta. Tana aiki ne in kun yi magana a kanta tun ranar da ka karɓi aikin, ya ji da kunnensa, ya ce to.

A ƙarshen watan Agusta wani Alhaji mai makarantar firamare ta kuɗi ya ba ni aikin takarda mai shafi huɗu, Hausa da Faransanci, wadda za a raba wa iyaye a taron ranar Asabar 13 ga Satumba, kafin a koma lakwal a Oktoba. A cikinta akwai gaisuwa, da tsarin karatu, da kuɗin makaranta, da ranar fara rajista, da lambar waya. Kwafi 500 yake so, mai ɗab'i kuma ya ce sefa 100 kowanne, wato jika hamsin.

Ranar da zan ba shi ban tsince ta a iska ba. Daga ranar taro na fara ƙirge ina komawa baya. Dole takardun su kasance a hannu ranar Juma'a 12. Mai ɗab'i ya ce kwana uku yake buƙata, na ƙara masa ɗaya saboda ɗaukewar wuta, ke nan sai aiki ya isa wurinsa da safiyar Litinin 8. Ni kuma ina buƙatar Asabar da Lahadi in shigar da gyara a harsunan biyu in sake karantawa. Abin da ya rage wa Alhaji shi ne daga Litinin 1 ga wata, ranar da na tura daftarin, zuwa magaribar Juma'a 5. Na ce magariba, ban ce "ƙarshen mako" ba, don ƙarshen makon ɗan kasuwa daban yake da na ma'aikacin gwamnati.

Wannan ƙirge yana da wani amfani bayan lissafi. Sa wa babba wa'adi abu ne mai nauyi a wurinmu, balle wanda ya girme ka kuma shi zai biya ka. Amma in ka nuna masa daga ina ranar ta fito, sai ya ga ba kai ka ɗora masa ita ba, taronsa ne da injin mai ɗab'i suka haife ta.

Sannan na raba daftarin gida biyu, kuma a nan ne duk maganar take. Akwai abin da ke cikin sanina: zaɓin kalma, tsawon gaisuwa, wane sakin layi ke gaba. In Alhaji bai ce komai ba a kan waɗannan, ba a yi asarar komai ba in na wuce da nawa. Akwai kuma abin da shi kaɗai ya sani: kuɗi, da rana, da lambar waya, da yadda ake rubuta sunan mutum. A kan waɗannan shiru ba zai taɓa zama yarda ba, ko da mun yi alkawari, domin in an buga ba daidai ba iyaye 500 ne za su riƙe takardar a hannu a matsayin shaida.

Kuɗin takardar rajista ya isa misali. A saƙon murya Alhaji ya ce "ɗari biyar". Duk ɗan Nijar ya san inda gizo yake saƙa: a bakin ɗan kasuwa ɗari biyar dala ce, kowace dala sefa biyar, wato 2,500. A bakin wanda ya saba da lissafin lakwal kuma sefa 500 ce. Na rubuta 500, na ja mata layi ja, na sa alamar tambaya. Haka na yi wa ranar rajista da lambar waya. Ga saƙon da na haɗa da daftarin ta WhatsApp:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da yini. Ga daftarin takardar iyaye. Ina roƙon a duba shi kafin magaribar Juma'a 5 ga Satumba, don mai ɗab'i ya karɓa safiyar Litinin, a samu takardun kafin taron Asabar. Abu uku na ja wa layi ja: kuɗin rajista, sefa 500 ne ko 2,500, ranar fara rajista, Litinin 15, da lambar waya. In komai daidai ne, a rubuto mini: na duba, a buga. In ban ji ba zuwa lokacin, kamar yadda muka yi magana, zan bar kalmomi da tsari yadda suke. Abubuwan nan uku kuwa ba zan kai su ɗab'i ba sai Alhaji ya tabbatar, kuma kowace rana da aka ƙara za ta ja ranar fitowar takardun. Allah ya ƙara girma."

Na nemi kalmomin "na duba, a buga" da gangan. Masu ɗab'i na gaske suna da irin wannan sa hannun a kan kwafin gwaji, daga nan duk kuskuren da ya fito na wanda ya sa hannu ne. "Madalla", ko "sannu da ƙoƙari", ko hoton babban yatsa, duk gaisuwa ce. Alamar shuɗi biyu a jikin saƙo ma cewa kawai take yi an buɗe hirar, ba ta ce an karanta shafi huɗu ba, kuma sau da yawa yaron gida ne ke riƙe da wayar.

Ranar Talata daraktan makarantar ya kira ni ya ce ya gani, ya yi kyau ƙwarai. Na yi masa godiya, amma ban ɗauki wannan a matsayin izini ba. Tun farko na tambayi Alhaji wa zai ba da kalmar ƙarshe, ya ce shi da kansa. In mutum biyu suna da bakin cewa a buga, to ranar da abu ya lalace kowa zai nuna ɗan'uwansa, a ƙarshe kuma duk su nuna ka.

Alhamis da yamma na tura tuni mai layi biyu, na maimaita ranar da abubuwa ukun kawai. Shiru. Juma'a magariba ta wuce. Asabar da safe na rubuta masa abin da na yi, ba tare da ƙorafi ba: na rufe gyaran kalmomi kamar yadda muka shirya, ban kai ɗab'i ba, mai ɗab'i zai riƙe mana wuri har ƙarfe tara na safiyar Litinin, in ya wuce haka zai ɗauki aikin wani, takardun ba za su fito ba sai bayan taron. Wannan saƙo na uku shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna cewa maganar farko da gaske aka yi ta. In ka sa rana ta wuce ba ka ce uffan ba, ka koya wa mai aiki cewa ranakunka ado ne.

Lahadi da hantsi ya kira. Ashe ƙauye ya tafi wurin girbin hatsi, inda waya ba ta kamawa sosai. Ya ce: "Mushe, ka yi haƙuri. Ɗari biyar ɗin nan ai dala ce." Na ce: "Ranka ya daɗe, 2,500 ke nan?" Ya ce haka ne. Na karanta masa ranar rajista da lambar waya ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar. Na roƙe shi ya tura saƙon murya yana faɗin ukun da bakinsa, ya ƙare da "a buga", saboda kiran waya ba ya barin sawu. Takardun sun fito ranar Alhamis. Da shirunsa ya zama yarda a kan komai, da makarantar ta zaɓi ɗaya cikin biyu: ta sake kashe jika hamsin, ko ta tsaya gaban iyaye tana bayanin yadda 500 ta koma 2,500.

Wannan tsari yana da iyaka. Ba ya aiki in wa'adin ya yi gajarta har mutum ba zai iya karantawa ba. Shafi huɗu kwana huɗu ko biyar sun isa, littafi kuwa sai makonni. Ba ya aiki in mai aikin ba ya karatun boko, sai ka karanta masa da murya ko ka je ka zauna da shi. Kuma in shirun ya zarce har abada, ba ka da ikon buga abin mutum. Abin da za ka iya shi ne ka dakatar da aikin, ka riƙe kafin alƙalamin da ka karɓa a kan rubutun da ka riga ka yi, in dai kun faɗi haka tun farko.

Mu malamai muna rubuta irin wannan jimla ga iyaye fiye da yadda muke lura. Takardar da ta ce za a yi taro ranar kaza ƙarfe kaza, in ba wanda ya nemi canji kafin Laraba, ba ta da laifi. Wadda ta ce duk uban da bai maido amsa ba an ɗauka ya yarda a fita da ɗansa yawon buɗe ido, ko a ƙara masa kuɗi, ta ɗora wa shiru kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wataƙila takardar tana nan ninke a cikin jakar yaron, uban bai taɓa ganinta ba.