Allon Yaron Tela

Cikin gajerun labaran da ɗalibai suka kawo wa ƙungiyar raya al'adu ta makarantarmu bana, akwai wani mai shafi huɗu da wata ɗaliba ta rubuta da Hausa a kan yaron tela a Damagaram. Yaron ya samu tsohuwar tabalet, wadda maigidansa ke kira allo. Idan mace ta zo zaɓen zane, sai ya ɗauki hoton samfurin, ya dangwala yatsa a kan furen da ke jiki, ya ja, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma algashi, har ta ce wannan take so. Kafin wata biyu mata sun cika shagon.

Wasu abokan aikina sun karanta shi a matsayin rigimar tsoho da zamani. Ni ban ga haka ba. Tsohon telan bai taɓa zagin na'urar ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne wa zai cika alkawarin da allon ke ɗauka. Atamfa dai daga masana'anta take fitowa da launinta, ba mai sake ta. Abin da tela ke da iko a kai shi ne zaren aiki da kuma shaddar da za a kai wa marini, kuma a nan ne marubuciyar ta ɗana tarkonta.

Wata uwar amarya ta zo neman anko na mata goma sha biyu, mita biyar biyar. A cikin duhun shago ta zaɓi ruwan hoda mai haske, ta biya kuɗin somi. Sai dai shaddar da aka samu a Kasuwar Dole ba fara fat ba ce, tana da ɗan ruwan ƙwai. Da mita sittin ɗin suka dawo daga marina, ga su sun karkata zuwa ruwan goro, biki kuwa saura kwana shida.

Mai karatu zai iya cewa marini ne ya yi ha'inci. Bai yi ba, kuma yarinyar ta san dalili. Launin fuskar na'ura haske ne da ke fitowa daga ƴan ɗige-ɗige ja da kore da shuɗi, shi ya sa yake ƙyalli a cikin duhu fiye da duk abin da auduga za ta iya bayarwa. Rini kuwa ba ya ba da haske, rage shi yake yi. Yana hawa kan launin da ya tarar ne ya haɗu da shi, saboda haka ja-ja a kan rawaya-rawaya dole ya ba da ruwan goro, kamar yadda shuɗi a kan rawaya ke ba da kore. A allo ana share launi a koma baya, amma a tukunya, in ba a sa sinadarin kodarwa ba, gaba kawai ake yi, daga mai haske zuwa mai duhu. Ga kuma jiƙaƙƙen tufa da ke fin busasshe duhu, ga baba da ke fitowa daga rijiya kore-kore sai iska ta mayar da shi shuɗi. Duk wannan ya shiga labarin ta bakin marinin, cikin magana uku ko huɗu, ba tare da lacca ba.

Wurin da na fi daɗewa a kansa shi ne na sunaye. Na'urar lamba take ba kowane launi, matan kuwa cewa suke ruwan hanta, ruwan toka, ruwan makuba, ruwan ɗorawa. Kowane suna yana jingine da abin da ido ya sani a ƙarƙashin rana. Faransanci ma haka yake yi, don abin da muke ce wa ruwan hanta, shi da giyar Bordo ya kwatanta shi. Ɗalibaina sun lissafo irin waɗannan sunaye har allon aji ya cika, kuma sun yi gardama mai zafi kan inda tsanwa ta rabu da algashi.

Ƙarshen ne ya ɗan yi mini rauni. An sake rina shaddar ta koma ruwan hanta, abin da hankali zai ɗauka, amma uwar amarya ta haƙura cikin layi biyu, alhali duk wanda ya taɓa ganin rikicin anko ya san ba a kashe wutarsa da sauƙi haka. Na dai yafe mata saboda sakin layin da ya biyo baya. Yaron bai ajiye allonsa ba. Yanzu idan mace ta zaɓa, sai ya yanki ƙyalle kamar tafin hannu daga ainihin shaddar, a rina, a shanya, a goge, ya fito da ita bakin ƙofa da hantsi ta gani, sannan a karɓi kuɗi. Na roƙi marubuciyar ta ƙara wa uwar amarya shafi guda na faɗa kafin mu karanta labarin a taron ƙungiya na ƙarshen shekara.