Na'urar Nozick: Hujjar da Zan Kai Gaban Alƙalan Muhawara

Idan aka ba ni minti bakwai a zauren muhawara, aka ce in kare ra'ayin cewa farin ciki shi kaɗai ba ya isa a auna kyawun rayuwa, ba zan ɓata lokaci wajen kushe farin ciki ba. Babu mai hankalin da zai yarda da ni. Misali ɗaya zan ɗauka, in bi shi har ƙarshe, in kuma faɗi inda yake da rauni kafin abokin hamayyata ya riga ni.

Misalin na Robert Nozick ne, malamin falsafa a Jami'ar Harvard, wanda ya kawo shi a littafinsa Anarchy, State, and Utopia a 1974. Ya ce mu ƙaddara masana ƙwaƙwalwa sun ƙera wata na'ura. Za a kwantar da kai cikin tanki, a jona wayoyi a ƙwaƙwalwarka, sai ka riƙa jin duk abin da ka zaɓa: kana rubuta babban littafi, ko kana ƙulla abota. Kana ciki ba za ka san kana ciki ba. Bayan shekara biyu ka fito na ɗan lokaci, ka zaɓi abin da za ka ji a shekara biyu masu zuwa, ka koma. Kada ka damu da iyalinka, su ma za su iya shiga tasu. Tambayar ita ce: za ka yarda a jona ka har ƙarshen ranka?

Zan bayyana wa alƙalai wanda aka ɗana wa wannan tarko. Akwai tsohon ra'ayi, wanda Jeremy Bentham ya yi fice da shi a Ingila, cewa jin daɗi da jin zafi su ne ma'aunin duk wani alheri ga mutum. In haka ne, na'urar ta gama magana, domin babu rayuwar duniya da za ta kai ta yawan daɗi da ƙarancin wahala. Wanda ya riƙi wannan ra'ayi dole ya ce shiga ita ce daidai. Nozick kuwa ya yi hasashen cewa yawancinmu za mu ƙi, domin muna son mu aikata abu, ba mu ji kamar mun aikata ba kawai. Muna son mu zama wasu irin mutane, alhali wanda ke kwance a tanki ba jarumi ba ne, ba kuma matsoraci ba. Kuma muna son mu taɓa haƙiƙar da ba ɗan Adam ne ya tsara ta ba.

A nan ne abokin hamayya mai shiri zai miƙe. Zai ce ƙin shiga bai tabbatar da komai ba, tsoron sauyi ne kawai. Yana kuma da madogara. A 2010 Felipe De Brigard ya wallafa wani bincike inda ya juya labarin. Ya ce wa ɗalibai su ƙaddara an sanar da su cewa tun da can a cikin na'ura suke, kuma yanzu an ba su zaɓin fita. Waɗanda aka gaya wa cewa a waje fursunoni ne su, mafi yawansu sun zaɓi su zauna. Waɗanda ba a gaya musu komai game da waje ba sun rabu kusan biyu. Har waɗanda aka ce musu attajirai ne a Monako, rabi ne suka so fita. Darasin a bayyane yake: wani kaso na abin da muke kira son gaskiya, sabo ne da inda muka tsinci kanmu.

Ba zan musa wannan ba. Zan karɓe shi, sannan in gyara tambayar yadda sabo ba zai sami wurin shiga ba. A daina tambayar mutum ko zai bar rayuwarsa. A ajiye masa rayuwa biyu da babu wadda yake ciki, a ce ya zaɓa wa jaririyar da aka haifa masa yau. A ta farko za ta girma ta zama likita, ta yi aure, ta haihu, ta tsufa cikin jikoki. A ta biyu za ta ji duk wannan, sak, daƙiƙa bayan daƙiƙa, amma tana kwance a tanki tun daga ranar suna har ranar jana'iza. Daɗin da ke cikin biyun daidai yake, haka ma wahalar. In jin daɗi ne kaɗai ma'auni, uban ya jefa kwabo sama ya bi inda ya faɗi. Ban san uban da zai jefa ba.

Saura ƙofa ɗaya, kuma mai wayo zai bi ta. Zai ce likitar gaske ta warkar da marasa lafiya na gaske, saboda haka rayuwarta ta fi amfani ga jama'a, amma wannan bai nuna ta fi kyau ga ita kanta ba. Bambanci ne na ƙwarai, kuma masu muhawara da yawa a nan suke zamewa. Don rufe ƙofar zan ɗauko misalin da Shelly Kagan na Jami'ar Yale ya shahara da shi, na ɗan kasuwar da aka yaudara. Mutumin ya mutu yana murna, yana ganin matarsa na ƙaunarsa, 'ya'yansa na girmama shi, kasuwancinsa na bunƙasa. A zahiri matar tana cin amanarsa, 'ya'yan abin hannunsa suke so, abokin cinikinsa kuma ya daɗe yana wawure dukiyar. Bai taɓa sani ba. Ka kwatanta shi da tagwayensa wanda duk abin da ya gani gaskiya ne. Babu wanda ya fi wani amfanar jama'a, babu wanda ya fi wani jin daɗi. Duk da haka tausayin na farko muke ji, kuma tausayi ba ya tasowa sai mun ga mutum ya rasa wani abu nasa.

In aka ce ai bai sani ba, to bai cutu ba, zan amsa da abin da Thomas Nagel ya lura da shi a maƙalarsa kan mutuwa a 1970. Me ya sa gano cin amana yake da zafi? Domin cin amanar mugun abu ne tun kafin a gano shi. Zafin shaida ne na asarar da ta riga ta auku, ba shi ne asarar ba. Wanda ya ce akasin haka, sai ya yarda cewa laifin maci amana ɗaya ne tak, wato sakacin da ya sa aka kama shi.

A minti na ƙarshe zan ja wa hujjata iyaka, domin alƙali ya fi yarda da wanda ya san inda maganarsa ta tsaya. Na'urar ba ta nuna farin ciki banza ne ba. Mutumin da ke fama da ciwon da ba ya jin magani, in ya roƙi a jona shi, ba zan kira shi wawa ba. Akwai wahalar da ta fi ƙarfin kowane lissafi. Ba ta kuma faɗa mana nauyin gaskiya in aka ɗora ta a sikeli ɗaya da daɗi ba. Abin da ta nuna ƙarami ne, amma ya isa: za a iya samun rayuwa biyu da suka yi kunnen doki a jin daɗi, ɗaya ta fi ɗaya kyau ga mai ita. Ma'aunin da ya ba su maki ɗaya, akwai abin da ba ya gani. Wannan kaɗai aka ce in tabbatar, kuma a nan zan zauna.