Masu babi na huɗu, ku duba kwanan watan da ke ƙasan zanenku

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Akwai wata cuta da zanen layi na Excel ke kamuwa da ita, kuma abin da ya sa nake jin tsoronta shi ne zanen yakan fito tsaf, babu jan rubutu, babu gargaɗi, amma ƙarya yake yi maka.

A nan Masaka nake zaune, kullum sai na bi hanyar Keffi zuwa makaranta, kuma a layinmu an ɗauke ni a matsayin mai gyaran zane. Cikin masu kawo min aiki har da wata maƙwabciyarmu mai karantar kimiyyar dabbobi, wadda ta kiwata kajin gidan gona a bayan gidansu tana auna nauyinsu. A watan Janairun 2025 ta auna sau uku: ranar 20 giram 170, ranar 23 giram 260, ranar 27 giram 420. Sai jarrabawa ta shigo, ta koma kwana a ɗakin ƙawarta a makaranta, mako biyu cur ba ta taɓa sikeli ba. Ta dawo ranar 10 ga Fabrairu ta samu 1,250, ranar 13 kuma 1,480.

A zanen da Excel ya ba ta, ɗigo biyar ɗin sun jeru da tazara iri ɗaya kamar turakun shinge. Layin ya taso a hankali, ya yi tsalle a tsakiya, ya kwanta a ƙarshe. Ita kuwa ta riga ta rubuta shafi guda tana bayanin cewa girman kajin ya ragu a ƙarshe, har tana ɗora wa abinci laifi.

To mu yi lissafi da hannu. Daga 420 zuwa 1,250 ƙarin giram 830 ne, amma a kwana 14, wato kusan 59 a rana. Daga 1,250 zuwa 1,480 ƙarin 230 ne a kwana 3 kacal, kusan 77 a rana. Ashe gurin da zanen ya ce kaji sun yi sanyi, nan suka fi gudu. Zanen ya matse kwana 14 ya ba su faɗin kwana 3. Ka ɗauka ta tsaya gaban malamai ranar difens da wannan bayani, wani ya ɗaga biro ya raba.

Asalin matsalar shi ne a wajen Excel kwanan wata lamba ce. Yana ƙirga kwanaki tun daga 1 ga Janairun 1900, don haka 20 ga Janairun 2025 a cikinsa 45677 ce, riga kawai yake sa mata ka gan ta a matsayin kwanan wata. Da wannan lambar yake auna tazara. In bai gane abin da ka rubuta ba, sai ya ajiye shi a matsayin rubutu, daidai da a ce ka sa "Kano, Zariya, Katsina", ya ba kowa kujera ɗaya.

Me zai hana shi ganewa? Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, kuma da yawa a kan tsarin Amurka suke, inda wata ke zuwa kafin rana. Ka rubuta 20/01/2025, shi yana neman wata na ashirin, bai samu ba, ya bar shi rubutu.

Ganewa ba wuya. Dubi sahun kwanan watan: in ba ka taɓa jerinsa ba, lamba dama take jingina, rubutu kuma hagu. In kana son tabbaci, sa wannan a gidan da ke kusa ka ja shi ƙasa:

```
=ISNUMBER(A2)
```

`FALSE` na nufin rubutu ne. A nata, huɗu sun ba da `FALSE`, ɗaya ya ba da `TRUE`. Ta ce min, "Yauwa Yaya, ko ba komai guda ɗaya lafiyarsa ƙalau." Na ce ai wannan ɗin ya fi sauran ciwo. 10/02/2025 ne, kuma tunda akwai wata na goma, Excel ya karɓa hannu bibbiyu a matsayin 2 ga Oktoba. A ido ba ka ganin komai. Sai da na canza wa gidan riga zuwa `dd-mmm-yyyy` ta `Format Cells` sannan `02-Oct-2025` ya bayyana. Duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba tana iya faɗawa wannan ramin.

Wani abu da nake ganin mutane na ɓata dare a kai: su zaɓi sahun, su danna `Short Date`, su zauna jiran ikon Allah. Ba zai yi ba. Riga ka canza, abin da ke ciki yana nan rubutunsa.

Ga yadda muka yi. Muka zaɓi sahun A, muka shiga `Data`, sai `Text to Columns`. Muka bar shi a `Delimited`, `Next` sau biyu. A mataki na uku muka zaɓi `Date`, a akwatin gefensa muka sa `DMY`, sai `Finish`. Wannan `DMY` yana gaya wa Excel yadda aka RUBUTA kwanan ne, rana, wata, shekara, ba yadda kake son ya fito ba. Nan take huɗun suka koma dama. Na Oktoban kuwa kada ka dogara da wannan hanya a kansa, don ya riga ya zama lamba. Littafin da take rubuta awo a ciki muka buɗe, muka sake buga shi da sunan wata, `10-Feb-2025`, yadda ba mai juya shi.

Sai kan zanen. Danna dama a kan kwanakin da ke ƙasansa, `Format Axis`, ƙarƙashin `Axis Type` ka bar `Text axis` ko na atomatik ka zaɓi `Date axis`, sannan a `Units` ka tabbata `Base` yana kan `Days`. Gyaran sahu ne farko, wannan na biyu. In ka fara da shi alhali kwanakin rubutu ne, wahalar banza. Da muka yi, ɗigo uku na Janairu suka matso kusa da juna, fili mai faɗi ya buɗe na makon jarrabawa, guntun ƙarshe ya miƙe ya fi kowane tsayuwa. Shafin nan na laifin abinci dole ta cire shi. Na kuma ba ta shawara ta bar alamar ɗigo a kan layin, don mai karatu ya ga cewa a kwana 14 ɗin nan babu awo ko ɗaya, layi ne kawai ya haɗa bakin biyu.

In kwamfutar taka ce, shiga `Region` a saitin Windows ka mayar da ita `English (Nigeria)`, sabbin kwanakin da za ka buga za su shiga daidai. Tsofaffin dai sai ka bi su da kanka. In kuma a shagon buga takardu za ka buɗe fayil ɗin, kwanan da ya riga ya zama lamba ba ya lalacewa, ko da fitowarsa ta canza.

Na ƙarshe, ga 'yan lab da masu auna zafi safe da yamma: `Date axis` bai san awa ba, mafi ƙanƙantar ma'auninsa kwana ɗaya ne. Awon ƙarfe 8 na safe da na 4 na yamma za su hau kan juna a tsaye guri guda. Ku naku ba zanen layi ba ne, ku shiga `Insert` ku ɗauki `Scatter with Straight Lines and Markers`, shi yana ajiye kowane ɗigo a daidai lokacinsa, muddin sahun ya ba da `TRUE` daga sama har ƙasa. Wanda nasa ya ƙi bayan duk wannan, ya ɗauko hoton sahun kwanan watan ya turo, ba hoton zanen ba.